Abokin aiki ya kawo maka aikinsa, kai ma naka ya sha maka kai: me za ka ce masa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na wani ofishi a nan Katsina. Yau Talata da safe abokin aikina, wanda ya girme ni har Yaya nake ce masa, ya ajiye mini baucoci 180, wato takardun biyan kuɗi, ya ce in taimaka in shigar masa da su a kwamfuta kafin sha biyun ranar Alhamis. Ni ma a daidai lokacin ne zan miƙa rahotona na wata uku. Na ce masa bari in gani. Ina jin nauyinsa, kuma na san ba zan iya ba. Me zan ce masa?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka koma wurinsa yau, kafin a tashi sallar Azahar in da hali. "Bari in gani" ɗin da ka ce, kai a ranka ƙi ne cikin ladabi, shi kuwa a kunnensa amincewa ce. Hujjarsa tana kan teburinka: baucocin suna wurinka, ba ka mayar masa ba. Yanzu haka ya cire wannan aiki daga lissafinsa, ya juya ga wani abu. Duk awar da ta wuce kana shiru, awa ce da ya rasa wadda da zai yi aikin da kansa ko ya nemi wani. In ka ce a'a yau, yana da kwana biyu. In ka bari sai Laraba da yamma, ka bar shi da dare ɗaya, kuma a lokacin laifin ya tashi daga kansa ya dawo kanka.

A aikin kula da ma'aikata, rigimar da ke zuwa teburinmu tsakanin abokan aiki ba kasafai take tasowa daga wanda ya ƙi tun farko ba. Mafi yawanci daga wanda ya ce "to" ne don kara, sannan ya yi ta kewaye-kewaye, a kira wayarsa bai ɗauka ba, ranar miƙawa ta zo a tarar an yi rabi. Mutanenmu suna da hanyoyi da yawa na ƙi ba tare da sun furta ba: "sai na duba", "Allah ya kai mu", "ba damuwa", ko "in sha Allahu" da aka ja wutsiyarta. A harkar biki ko rance waɗannan suna aiki, domin kowa ya san fassararsu kuma ba agogon da ke bin kowa. A ofis kuwa akwai ranar miƙawa, kuma mai buƙata kullum fassarar da ta yi masa daɗi yake ɗauka. Ka kuma tuna cewa "in sha Allahu", kamar yadda ta zo a aya ta 23 da 24 ta Suratul Kahfi, ana faɗinta ne a kan abin da mutum ya ƙudura zai yi. Ba a saukar da ita don a ɓuya a bayanta ba.

Kafin ka buɗe baki, ka auna aikin

Ba za ka iya yi masa tayin gaskiya ba sai ka san abu biyu: awa nawa aikinsa yake ci, da awa nawa ka mallaka. Yawancin masu shiga uku a irin wannan ba su auna ko ɗaya ba. Mai kawo aiki kullum cewa yake "ɗan abu ne kaɗan", kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba. Duk aikin da mutum bai zauna a kansa ba ƙanƙancewa yake yi a idonsa.

Ɗauki baucoci biyar ka shigar da su kana duba agogo. Kada ka ɗebi na sama kawai, domin na sama su ne masu tsabta. Zaro daga tsakiya, ka haɗa da wadda aka rubuta da hannu da wadda aka manna wa rasidai da yawa. Kowace bauca tana da lamba, kwanan wata, sunan wanda aka biya, bayanin abin da aka biya, kason kasafin da aka cire kuɗin, da adadin kuɗin. Mu ce biyar ɗin sun ci maka minti 20. Kowace ɗaya minti 4 ke nan. Baucoci 180 sau minti 4, minti 720, wato awa 12 cur. Wannan shi ne ainihin girman abin da aka ajiye maka, kuma ba mu sa lokacin bin baucar da rasidinta ya ɓace ba.

Yanzu juyo kan naka. In daga ƙarfe goma na yau za mu ƙirga, zuwa huɗu awa shida ne, cire awa ɗaya ta salla da abinci, saura biyar. Laraba daga takwas zuwa huɗu awa takwas, cire ɗaya, sannan mu ce akwai taron sashe da zai ci biyu, saura biyar. Alhamis daga takwas zuwa sha biyu, huɗu. Jimla 14. Amma wannan lissafin takarda ne. Za a ɗauke wuta a jira a tayar da janareta, oga zai aiko a kira ka, wani zai shigo gaisuwa ya zauna, na'urar buga takarda za ta cije. Ni ba na yarda ma'aikaci ya lissafa wa kansa fiye da awa goma daga cikin sha huɗun nan. In rahotonka yana buƙatar awa bakwai, abin da ya rage a hannunka awa uku ne. Aikin awa 12 ba ya shiga awa uku, komai son da kake yi wa Yaya. Ka sa naka alƙaluman a gurbin waɗannan, hanyar lissafin dai ita ce.

Amfanin wannan awo ya wuce sanin adadi. Yana sauya yanayin maganar gaba ɗaya. Wanda ya ce "ayyuka sun yi mini yawa" ya buɗe ƙofar gardama, domin kowa ayyuka sun yi masa yawa, kuma za a ce masa ya daure. Wanda ya ce "na gwada, kowace minti huɗu take ci, duka awa sha biyu ne, ni kuma awa uku gare ni" ya ajiye abin da Yaya zai iya dubawa da kansa. Ba sauran zancen so ko ƙi a ciki.

Me za ka yi da awa ukun?

A nan ne ake gane wanda ya iya. Abin da ya fara zuwa zuciya shi ne a raba: minti 180 a kan minti 4, baucoci 45, shi ke nan. Ba laifi, amma akwai abin da ya fi. Tambayi kanka me ya sa ya zo wurinka kai musamman. In don hannunka ya fi nasa sauri a manhajar lissafi ta Excel ne, to taimakon da ya fi tsada a wurinsa shi ne ka rage masa wahalar kowace bauca, ba ka ɗauke masa wasu kaɗan kawai ba.

Rabin awa ya ishe ka ka tsara masa shafin. Ka jera ginshiƙai shida daidai da tsarin da bayanan suke a jikin baucar, don idonsa ya riƙa sauka daga sama zuwa ƙasa ba tare da tsalle ba. A ginshiƙin kason kasafi ka sa masa jerin zaɓi ta Data Validation, ya riƙa zaɓa maimakon bugawa, wanda ke rage lokaci kuma yana hana a rubuta kaso ɗaya da sunaye iri uku. Ka sa jimla a sama inda zai riƙa ganinta. Sannan a ginshiƙin gefe ka sa wannan, in lambobin baucoci suna ginshiƙin farko:

```
=COUNTIF(A:A,A2)
```

Ka ja shi zuwa ƙasa. Duk layin da ya nuna 2, an shigar da baucar sau biyu. Da irin wannan shafi minti huɗu yana iya komawa uku. In ka ɗauki baucoci 40, minti 120 ke nan, ka haɗa da rabin awar tsarawa, awa biyu da rabi. Ka bar wa kanka rabin awa a aljihu. Shi kuma saura 140 sau minti uku, awa bakwai, abin da zai iya gamawa tsakanin yau da safiyar Alhamis in ya zauna. Ka ga da awa biyu da rabi ka mai da aikin da ya gagare shi ya zama mai yiwuwa.

Ka lura na ce 40, alhali lissafi ya ba ka damar 50. Da gangan ne. Tayi ana yin sa ƙasa da iyawa. In ka ce 40 ka kawo 45, ka zama mutumin kirki. In ka ce 50 ka kawo 45, ka zama wanda ya saɓa alkawari, duk da cewa aikin da ka yi ɗaya ne. Kuma saɓa alkawari ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, yana cikin alamomi uku na munafuki da suka zo a hadisin Abu Huraira wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Mutum ya ƙi abu ba zunubi ba ne. Ya ɗauka ya yar, shi ne abin gudu.

Tayi na gaskiya yana da adadi, yana da lokaci, yana da iyaka. "Zan ɗan taimaka in na samu sarari" ba tayi ba ne, "bari in gani" ce ta canja riga. Ka faɗi nawa za ka yi, yaushe za ka yi, da kuma abin da ba ya ciki.

Akwai wasu abubuwan da za ka iya bayarwa in ma awa ukun babu. Za ka iya ba shi wani lokaci: bayan ka miƙa naka ranar Alhamis, ka zauna da shi, in oga zai ƙara masa wa'adi zuwa Litinin. Za ka iya nuna masa wani hannu, kamar ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin da ke sanin makamar aiki a sashenku, amma da sharaɗi biyu: shugaban sashe ya yarda su taɓa baucoci, kuma ka fara tambayar mutumin kafin ka ambaci sunansa. Tura wa na ƙasa da kai kayan da ka ƙi ɗauka ba tare da saninsa ba, zalunci ne da aka yi wa ado. Abin da ba na ba da shawara shi ne ka ce za ka tafi da aikin gida ka yi da dare. Baucoci takardun kuɗi ne da masu binciken kuɗi za su nema, ba sa kwana a waje. In ɗaya ta ɓace a hanya ko yaro ya zuba mata shayi, ba wanda zai tuna cewa taimako kake yi.

Maganar kanta

Ka same shi shi kaɗai. Kada ka yi a gaban sauran 'yan ofis, musamman na ƙasa da shi, domin babba zai iya haɗiye a'a, amma ba zai haɗiye ta a bainar jama'a ba. Kai za ka tashi ka je teburinsa, da baucocin a hannunka, kada ka aika masinja, kada kuma ka fara da saƙon waya alhali kuna gini ɗaya. Ka gaishe shi yadda kuka saba, sannan ka ce wani abu kamar haka:

"Yaya, baucocin nan na gwada su. Kowace tana cin minti huɗu, duka za su kai awa sha biyu. Ni ma rahotona ranar Alhamis ne da sha biyu, don haka ba zan iya ɗaukarsu duka ba, kuma ban so in yi shiru har lokaci ya ƙure maka. Ga abin da zan iya: yanzu in tsara maka shafin da zai rage maka lokaci, gobe bayan Azahar kuma in shigar da arba'in, daga lamba 141 zuwa 180, in kawo maka kafin a tashi. Sauran ga su."

Dubi tsarin. A'a ɗin ta fito da bakinta, "ba zan iya ɗaukarsu duka ba", kuma ta zo kafin tayin. In ka fara da tayi, abin da zai ji shi ne "zan tsara, zan shigar", sauran maganar ta bi iska. Dalilin kuma ɗaya ne tak. Masu jin kunya sukan jero dalilai, ga rahoto, ga taro, ga yaro ba lafiya, ga ɗaurin aure a Dutsin-Ma, suna zaton yawansu zai ƙarfafa uzurin. Raunana shi yake yi. Kowane dalili ƙofa ce da zai iya rufewa: taron ai ba dole ba ne, ɗaurin auren ai Asabar ne. Da ya rushe biyu, sai ka ji kamar ba ka da sauran hujja. Dalili ɗaya na gaskiya wanda ba ya rusuwa ya wadatar.

Kada ka ƙirƙiri uzuri. Katsina ba ta da girman da ƙarya za ta ɓuya a cikinta. Ka ce za ka Daura dubiya, da yamma a gan ka a Ƙofar Ƙaura kana sayen tsire, kuma wanda ya gan ka ɗin maƙwabcin Yaya ne. Daga ranar, ko uzurinka na gaskiya ba zai karɓu ba.

Ban haƙuri sau ɗaya ya isa. Wanda ya yi ta "don Allah ka yi haƙuri, wallahi na ji kunya, ka yafe mini" yana nuna cewa shi kansa yana ganin ya yi laifi, kuma mai nema yana jin wannan rauni, sai ya ƙara turawa. Taushin ya kasance a murya da fuska da kiran sunan girma, ba a cikin hukuncin ba. Aya ta 28 ta Suratul Isra'i ta yi magana a kan wanda dangi ko miskini ya zo wa alhali ba shi da abin bayarwa, aka ce ya faɗa musu magana mai sauƙi. Ba a ce ya yi musu alkawarin abin da ba shi da shi ba.

Sannan ka miƙa masa baucoci 140 ɗin hannu da hannu. Wannan ƙaramin abu shi ne rabin aikin. Muddin takardun suna kan teburinka, duk abin da ka faɗa, aikin naka ne. Arba'in ɗin da za ka riƙe ku ƙirga su tare. Dalilin ware su da lamba kuwa, don kada ku shigar da bauca ɗaya ku biyu, ko wata ta faɗa tsakani kowa yana zaton ɗayan ya yi. Bayan kun rabu ka tura masa gajeren saƙo ta WhatsApp: "Yaya, kamar yadda muka yi, 141 zuwa 180 suna wurina, gobe kafin huɗu in sha Allahu." Ba don rashin yarda ba ne. Ranar Alhamis in hankali ya tashi, kowa yakan tuna maganar yadda ta fi masa daɗi.

In ya matsa

Zai matsa, kuma ba don mugunta ba, shi ma oga yake tsoro. Zai iya cewa "haba ƙanena, kai da hannunka yake da sauri, daure ka yi tamanin." A nan mutane suke zubar da duk abin da suka gina. Sun ji daɗin yabo, sun ji nauyin "ƙanena", sai su ce to a bar shi sittin. Da ka motsa daga 40 zuwa 60 ka koya masa cewa adadinka na ciniki ne, kuma gaba daga sama zai fara. Amsar ita ce ka maimaita abin da ka faɗa, ba tare da sabon dalili ba: "Da zan iya da na yi, Yaya. Arba'in ɗin ne zan iya cikawa." Sannan ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, za ka ji kamar dole ka cike shi da wani abu, kuma abin da mutum yake cike shi da shi yawanci ƙarin alkawari ne. Ka bar shi ya yi magana.

In ya tuno maka alherin da ya taɓa yi maka, kada ka musa kuma kada ka raina. Ka ce ba ka manta ba, shi ya sa ma ka ware masa awa biyu da rabi a makon da kai ma kake cikin matsi. In kuwa da gaske ya taɓa ɗauke maka babban kaya, ya tsaya maka lokacin da kake jinya misali, to a ganina ya cancanci ka matsa wa kanka fiye da yadda za ka yi wa wani. Ka ƙara masa awa ɗaya bayan tashi, ka faɗa masa a sarari cewa awa ɗaya ce. Ramuwar alheri tana da wuri a lissafin. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta sa ka kasa miƙa aikin da aka ɗauke ka dominsa, domin ranar da takardar tuhuma za ta fito, sunanka ne a kanta, kuma "ina taya Yaya ne" ba amsa ba ce da wani darakta zai karɓa.

In ya ce a je wurin oga, ka yarda da sauri, wannan ma mafita ce. Ku je tare, kada ka riga shi, don kada ta zama kai ƙara. A gaban oga maganarka ta zama ta zaɓi: "Yallaɓai, rahoton wata uku yana buƙatar awa bakwai, baucocin awa sha biyu, duka Alhamis. Wanne za a fara?" Wanda ya ba da ayyukan biyu shi ke da ikon ɗage ɗaya. Haka ma za ka yi in wata rana oga da kansa ne ya kawo maka ƙarin aiki: shi ba a ce masa a'a kai tsaye, ana nuna masa aikin da zai tsaya in an ɗauki sabon, ya zaɓa.

Inda taimakon ya tsaya

Ko a cikin arba'in ɗin akwai iyaka, kuma ka faɗe ta tun farko. Aikinka shigarwa ne. In ka tarar da baucar da babu rasidi, ko adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa wa na alƙaluma, ko babu sa hannun mai amincewa, ka yi mata alama ka mayar masa. Kada ka gyara, kada ka yi hasashen abin da ake nufi. Ka yi aikin a fayil ɗinka ka tura masa, kada ka shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, kada kuma ka ba shi naka. Sa hannu a ƙasan rahoton nasa ne.

Akwai kuma buƙatun da ba a yi musu tayin rabi sam. Ka sa mini hannu a rajistar zuwa aiki, ka mayar da kwanan watan baucar nan baya, ka ara mini kalmar sirrinka ta manhajar biyan kuɗi ta Remita. Waɗannan ba matsalar lokaci ba ce, don haka kada ka ce "yau ba ni da sarari", domin gobe zai dawo. Ka ce "wannan ba na yi, ko ga wa", a taƙaice, fuska a sake. In akwai halastacciyar hanyar biyan buƙatar, kamar rubuta takardar neman izinin fita ko kai baucar ga mai ikon gyara ta, ka nuna masa ita.

Ranar Laraba, da abin da zai biyo baya

Gobe bayan Azahar ka ajiye rahotonka ka yi arba'in ɗin kamar naka. Tayin da aka cika a makare ko aka yi shi a gurguje ya fi ƙi ɓata zumunci, domin ka hana shi neman wani kuma ba ka fisshe shi ba. In wani abu ya faso, aka ɗauke wuta tun sha ɗaya misali, ka sanar da shi nan take, ka faɗi nawa ka yi da nawa suka rage, kada ka jira huɗu ta yi.

Ka sa a ranka cewa duk kyan tsarin nan ba ya hana mutum jin haushi. Yana iya ɗaure maka fuska kwana biyu, gaisuwa ta gajarta. Kai dai kada ka canja: ka gaishe shi da safe yadda ka saba, in ana ciko don biki ko ta'aziyyar wani nasa ka kasance a gaba. Kada ka bi shi da bayani, kada kuma ka ba wa wasu labari. In ya zamana shi ma maƙwabcinka ne a unguwa ko akwai surukuta tsakaninku, nauyin ya fi haka, kuma kai ka san inda za ka sassauta, amma sassaucin ya kasance a yawan abin da za ka ɗauka, ba a fito da magana fili ba.

In kuma ka lura duk ƙarshen wata uku haka ake yi, baucoci suna taruwa har 180 sannan a nemi mai ceto, to matsalar ba ta wannan makon ba ce. Baucoci 180 a wata uku kusan 14 ne a mako, ƙasa da awa ɗaya da shafin da ka tsara masa. Wannan maganar ba a yin ta ranar Talatar da hankalinsa yake tashe. Ka bari sai an miƙa rahoto, mako mai zuwa, ka ce masa shafin nan yana nan, in yana shigar da na kowane mako ranar Alhamis kafin a tashi, ƙarshen zango jimla kawai zai duba. Ka ƙara da cewa zango mai zuwa kai ma rahotonka zai sake faɗowa rana ɗaya da nasa, don haka kada ya sa ka a lissafi.